Littafin aiki: daga ina ƙarin ribar jarin Kawu ya fito?

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Yau na je na karɓo littattafan masana'antar Kawu. Ƙaramin injin haɗa abincin kaji ne a hanyar Jos, wajen Dakace. Yana sayen masara da waken suya da dusa, ya niƙa, ya haɗa, ya zuba a buhu mai kilo 25, ya sayar wa masu kiwo na Zariya da kewaye. Na same shi a ofis da rawani ya rufe kunnuwa saboda hunturu, ga ƙurar masara ta yi fari a kan tebur. Ya miƙo mini fayil uku da littafin sito, ya ce, "Akanta, ga amana. Bara mun ci miliyan 33, bara waccan 24. Ka rubuta mini shi da kyau yadda banki za su gani su ƙara mana miliyan 60."

Ba shi kaɗai ya sa ni aikin ba. Inna, ƙanwarsa, tana da kashi ɗaya cikin uku na jarin, kuɗin gadonta ne. Ita tambayarta daban ce. Da na biya ta gidanta a Tudun Wada ta ce, "Ni dai ka gaya mini, kowace naira ɗari tawa da ke ciki nawa ta haifa, kuma me ya sa." Tambayar nan ita ce aikin. A takardun banki ana rubuta ta ROE, wato ribar shekara bayan haraji a raba da jarin masu kamfani. Ni zan riƙa ce mata ribar jari.

Lissafin 2024 daftari ne tukuna, odita bai sa hannu ba. Na yi alkawarin gamawa kafin azumi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na zuba alƙaluman a Excel, duka a miliyoyin naira. Ciniki: 400 a 2023, 660 a 2024. Riba bayan haraji: 24 da 33. Kadarorin kamfani gaba ɗaya, wato injina da gini da kayan sito da bashin da ake bin mutane da kuɗin banki: 180 a ƙarshen 2022, 220 a ƙarshen 2023, 380 a ƙarshen 2024. Jarin masu kamfani a waɗannan ranaku uku: 115, 135, 165.

Kafin in taɓa komai sai da na gwada ko jarin yana bin hanya. Jarin farkon shekara, a ƙara riba, a cire abin da masu shi suka ɗiba, dole ya ba da jarin ƙarshe. 115 da 24 a cire 4 ya zama 135. 135 da 33 a cire 3 ya zama 165. Ya zauna daidai. Da bai zauna ba, da na san akwai kuɗin da ya shiga ko ya fita ta bayan gida, kuma ba amfanin in ci gaba.

Hanyar da zan bi tsohuwa ce. Sunan kamfanin DuPont na Amurka take ɗauke da shi, domin a can wani ma'aikacinsu, Donaldson Brown, ya fito da ita fiye da shekara ɗari da suka wuce. Mun yi ta a aji a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke cikin Zariya, na ci jarrabawarta, amma ban taɓa ɗora ta a kan kuɗin dangi ba sai yanzu. Ana raba ribar jari gida uku ne, a ninka su:

```
ROE = (riba / ciniki) * (ciniki / kadara) * (kadara / jari)
```

Gida na farko kason riba: a cinikin naira ɗari, nawa ya rage maka. Na biyu juyin kadara: sau nawa dukiyar da ke cikin kamfani ta juya ta zama ciniki a shekara. Na uku ninkin bashi: kowace naira ɗaya ta masu kamfani tana riƙe da kadarar naira nawa, wanda yake nufin sauran kuɗin mutane ne. Duk ɗan kasuwar Sabon Gari ya san biyun farko ko bai san sunansu ba. Mai sayar da buhunan siga ribarsa kaɗan ce a kan buhu, amma kayansa ba sa kwana. Mai sayar da kujeru yana cin riba mai kauri, amma saiti ɗaya sai ya yi wata uku a shago.

Laraba, 22 ga Janairu

Na yi kuskure jiya da dare, gara in rubuta shi. Da na ninka gidajen uku na 2024 sai na samu kashi 27.9 cikin ɗari, alhali in na raba riba kai tsaye da matsakaicin jari, 150, wato na farkon shekara da na ƙarshe a haɗa a raba biyu, kashi 22 nake samu. Na yi kusan rabin awa ina zargin alƙaluman Kawu, ashe ni ne. A wajen juyin kadara na sa matsakaicin kadarar shekara, 300, a wajen ninkin bashi kuma na ɗauko ta ƙarshen shekara, 380. Kadarar da ke ƙasa a gida na biyu dole ta zama ita ce a sama a gida na uku, don su cinye juna. Yanzu na sa akwati ɗaya da ke tsaron wannan:

```
=ROUND(B8*B9*B10-B3/B6,6)=0
```

In ya nuna FALSE, na san na cakuɗa. Sai dai kada in ruɗi kaina da TRUE. Wannan lissafi ko da alƙaluman ƙarya aka zuba masa zai dace da kansa, tunda ciniki da kadara suna share juna. Abin da akwatin ke kamawa cakuɗe ne kawai, ba ya kama kayan sito da aka ƙirga sau biyu.

Wannan ya kai ni ga shawarar da ta fi ta ɗazu nauyi: da wace kadara zan yi aiki, ta ƙarshen shekara ko matsakaiciya? Na gwada duka biyun, kuma sun ba ni labari biyu masu karo da juna. Da ta ƙarshen shekara, juyin kadara ya sauka daga 1.82 zuwa 1.74. Da matsakaiciya, ya hau daga 2.0 zuwa 2.2. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, wannan ya ce an yi sanyi, wancan ya ce an ƙara kuzari.

Dalilin yana cikin sito. Kawu da kaka yake sayen masara, daga Nuwamba zuwa Disamba, a kasuwannin Giwa da Soba da Saminaka, lokacin da take da araha. Ranar 31 ga Disamba sito cike yake har rufi. Masarar da ta shigo a makonni shidan ƙarshe ba ta da hannu a cinikin watanni goman da suka gabata, don haka zalunci ne a raba cinikin shekara da ita duka. Na zaɓi matsakaici. Shi ma ba tsarkakakke ba ne, tunda Disamba biyu nake haɗawa in raba, kuma dukansu lokacin cikar sito ne. Gyaran gaskiya shi ne in fitar da na kowane wata daga littafin sito. Na ajiye wannan a gefe tukuna.

Ga abin da na samu da matsakaici. A 2023: kason riba kashi 6, juyi 2.0, ninkin bashi 1.6, ribar jari kashi 19.2. A 2024: kason riba kashi 5, juyi 2.2, ninkin bashi 2.0, ribar jari kashi 22. An samu ƙarin maki 2.8. Amsar Inna ta farko ke nan: ɗarinta ta haifi naira 19 da 'yan kobo bara waccan, ta haifi 22 bara.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau aikin rabon gado na yi wa maki 2.8 ɗin nan: nawa ne na kason riba, nawa na juyi, nawa na bashi.

Hanyar da aka fi sani ita ce a canza gida ɗaya, a bar sauran, sannan a matsa gaba. Na fara da kason riba. Ya sauka daga 6 zuwa 5, juyi da bashi suna nan yadda suke a 2023, sai ribar jari ta faɗo daga 19.2 zuwa 16. Asarar maki 3.2. Na ɗaga juyi zuwa 2.2, ta koma 17.6, ƙarin 1.6. Na ɗaga bashi zuwa 2.0, ta kai 22, ƙarin 4.4. In an haɗa, 2.8 cif.

Sai na juya, na fara da bashi na ƙare da kason riba. Bashi ya ba da 4.8, juyi 2.4, kason riba ya ci 4.4. Jimla 2.8 ita ma. To wanne ne gaskiya, kason riba ya ci 3.2 ko 4.4? Babu wanda ya fi wani. Gidajen ninka juna suke yi, ba tarawa ba, saboda haka akwai wani yanki na canjin da na tarayya ne, kuma wanda aka taɓa a ƙarshe shi ke kwashe shi. Na taɓa ganin rahoto inda aka zaɓi jerin da ya fi ƙawata manaja, ba tare da an faɗi cewa zaɓi aka yi ba. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba a faɗi gaskiya ba.

Don kada in shiga wannan tsakanin wa da ƙanwa, na ɗauki hanyar da ba ruwanta da wanda ya riga wani. Ana ba kowane gida kaso gwargwadon yadda ya ninku:

```
=LN(C8/B8)/LN(C$11/B$11)*(C$11-B$11)
```

B na 2023 ne, C na 2024, layi na 8 kason riba, na 11 ribar jari. Haka ake ja wa sauran layuka biyun. Sakamako: kason riba ya ci maki 3.75, juyi ya kawo 1.96, bashi ya kawo 4.59. Kowanne ya faɗo tsakanin amsoshi biyun farko, hankalina ya kwanta. Iyakar wannan dabara ita ce ba ta aiki in an yi asara a ɗaya daga cikin shekarun, domin `LN` ba ya karɓar lamba ƙasa da sifiri. A nan ba mu da wannan matsalar.

Ko ta wace hanya aka bi, abu ɗaya bai motsa ba: in aka cire bashi, ribar jarin sauka ta yi. Riba a kan kadara ta tashi daga kashi 12 ta koma 11.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na koma masana'anta don in bi diddigin juyin kadara, wanda shi ne kaɗai labari mai daɗi a takardata. Na zauna da mai kula da sito a kan buhuna, muka bi littafin fitar kaya wata-wata. Dattijo ne mai tsabtar rubutu, da jan biro yake ja wa kowane ƙarshen wata layi.

Buhu 40,000 aka fitar a 2023. A 2024, buhu 41,250. Ƙarin kashi 3 da ɗan ɗoriya ke nan, alhali ciniki ya hau da kashi 65. Sauran duk farashi ne: matsakaicin kuɗin buhu ya tashi daga naira 10,000 zuwa 16,000. Na ce masa, "Baba, ashe ba mu ƙara aiki ba." Ya ce, "Wane aiki, ɗan nan? Wutar da aka ɗauke mana a Oktoba ka manta? Janareta muka yi ta ƙonawa, rabin yini muke yi mu tashi." Yana nufin duhun da Arewa ta shiga bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna.

Ga inda lissafin ke yaudara a lokacin tsada. Ciniki da kuɗin yau ake rubuta shi. Injin niƙa da na haɗi da ginin kuwa suna cikin littafi da kuɗin da aka saye su shekaru da suka wuce, kuma kowace shekara ana rage musu daraja saboda tsufa. Sama tana kumbura da tsadar kaya, wani sashe na ƙasa yana tsaye ko yana raguwa, dole juyi ya nuna ya hau ko da ba a ƙara buhu ɗaya ba. Da za a sake sayen injinan nan da canjin dala na yanzu, da 2.2 ɗin nan ta zube. Don haka a rahoto zan rubuta maki 1.96 ɗin, amma zan sa adadin buhuna a gefensa, kowa ya gani da idonsa.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi a Disamban 2024 kashi 34.8 ne. Jarin da ya haifi kashi 22 a irin wannan shekara bai riƙe ƙarfin sayensa ba. Ban san yadda zan gaya wa Inna wannan ba tukuna. Ba laifin Kawu ba ne, amma kuɗinta ne.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wannan ne ramin da na fi daɗewa a ciki, kuma shi ne ya canza abin da zan rubuta.

Takardata ta ce bashi ya kawo maki 4.59. In Kawu ya ga wannan layin, hujja na ba shi ya ƙaro miliyan 60. Amma rabon gida uku yana da makanta guda: amfanin bashi yana fitowa a gida na uku, kuɗin ruwansa kuwa yana ɓoye a gida na farko, cikin kason riba. Kamar a yaba wa mutum don ya kawo buhun shinkafa gidan biki, a manta cewa shi da yaransa suka cinye kusan duka.

Sai na fasa kason ribar shi ma. A 2023, ribar aiki kafin kuɗin ruwa da haraji miliyan 44 ce, kashi 11 na ciniki. Banki ya ɗauki 8, saura 36. Haraji ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku, wato kashi 30 na kamfanonin da cinikinsu ya haura miliyan 100 da kashi 3 na harajin ilimi, saura 24. A 2024, ribar aiki 72.5, ita ma kashi 11 na ciniki. Banki ya ɗauki 23, saura 49.5. Haraji 16.5, saura 33.

Abin ya fito fili. Ribar aiki ba ta motsa daga kashi 11 ba, kason haraji bai motsa ba. Abin da ya motsa shi ne rabon banki. A 2023, cikin kowace naira ɗari ta ribar aiki, 82 ke tsira daga hannun banki. A 2024, 68. Da na sa wannan a dabarar `LN` sai ya nuna kuɗin ruwa ya ci maki 3.72 daga cikin 3.75 da na ɗora wa kason riba. Ke nan da na ce "kason riba ya faɗi" har na fara zargin tsadar dizal da sabon kuɗin wuta, ba su ba ne, an riga an ɗora su a kan farashin buhu. Bashi ne ya bayar da 4.59 da dama, ya karɓe 3.72 da hagu. Abin da ya bari a hannu bai kai maki ɗaya ba.

Abu biyu suka haɗu suka ninka kuɗin ruwan kusan sau uku. Bashin banki ya tashi daga matsakaicin miliyan 35 zuwa 80. Sannan farashinsa ya hau, daga kusan kashi 23 zuwa kusan 29. Ba abin mamaki ba ne, domin Babban Bankin Najeriya ya shiga 2024 da ma'aunin ruwa a kashi 18.75, ya fita da shi a 27.5, kuma bashin Kawu irin wanda ke bin wannan ma'auni ne. Inna dama tun farko ba ta son wannan bashi saboda addini, ta so a je bankin da ba ya ta'ammali da ruwa. Wannan magana ce tasu da malamai. Ta fuskar takardata dai, ko murabaha aka yi, ribar da bankin ya ɗora a kan masarar a wannan layin za ta zauna, kuma haka zan auna ta.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ina bin layin "sauran kuɗaɗen shiga" na 2024 sai na ga miliyan 6 da ba ta da takwara a 2023. Na kira Kawu. Ya ce, "Au, tsohuwar gingimarin nan ce da muka sayar a Yuni." Motar ta riga ta tsufa a littafi, darajarta ta kusa sifiri, don haka kusan duk kuɗin da aka karɓa ya fito a matsayin riba. Riba ce halaliya, amma babu gingimari ta biyu da za a sayar bana.

Na cire ta na sake bugawa. Ribar aiki ta koma 66.5, wato kashi 10.1 na ciniki, ba 11 ba. To ashe dizal da wuta sun ɗan ciza, motar ce ta rufe tabon, sai in janye rabin wankin da na yi musu ranar Talata. Riba bayan haraji ta koma kusan 29. A raba da jarin 150, kashi 19.3. Bara waccan 19.2. An ninka abin da ake bin kamfani daga matsakaicin miliyan 75 zuwa 150, an dawo inda aka tashi.

Na tsaya a kan wata tambaya da ta dame ni. Kadarorin kamfanin suna haifar kashi 22 kafin ruwa da haraji, 66.5 a kan 300. Banki yana karɓar kusan 29. In kana aro a 29 kana samun 22, ai kowace naira ta aro tana cin jarinka ne. To me ya hana ribar jarin rushewa? Amsar tana cikin miliyan 150 ɗin. Tamanin ne kawai na banki. Sauran 70 kuɗin da ba a biya wa ruwa ne: dillalan waken suya da ke ba da kaya sai bayan wata, masu kiwo da ke ajiye kuɗi kafin a haɗa musu, harajin da bai kai lokacin biya ba. In aka raba 23 a kan 150 duka, kashi 15 ne da ɗan kai, ƙasa da 22. Mutuncin Kawu a kasuwa ne ke ɗauke da bashin banki a kafaɗa. Ninkin bashi na 2.0 bai san wannan bambanci ba, duk kuɗin da ba na masu kamfani ba a tukunya ɗaya yake zuba su.

Kuma 2024 ba ta ɗanɗani nauyin duka ba. Bashin banki a ƙarshen Disamba miliyan 120 ne. In ya zauna haka shekara guda a kashi 30, ruwansa 36. In ribar aiki ta tsaya a 66.5, abin da zai rage bayan haraji kusan 20 ne, ribar jari ta sauko wajen kashi 12. Wannan kafin a ƙara 60 ɗin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun zauna mu uku a falon Inna bayan la'asar. Ban kawo kwamfuta ba, takarda ɗaya na rubuta da hannu, layi biyar. Kawu ya saurara har na gama bai katse ni ba, wanda ba halinsa ba ne. Sannan ya ce, "Akanta, lissafinka na ofis ne. Kuɗin bankin nan ba gini na yi da su ba, masara na saya. Buhun da na ɗauka dubu 60 a Nuwamba, ka zo ka tambaye shi a Yuni."

Yana da gaskiya a nan, kuma na faɗa masa. Kashi 22 matsakaici ne na kadara duka, har da gini da bashin da ya maƙale a hannun mutane. Ba shi ne ribar masarar kaka ba. Rabon DuPont yana gaya maka abin da ya faru da kamfani gaba ɗaya, ba ya gaya maka ko wannan aro na musamman zai biya kansa. Sai muka yi wancan lissafin a bayan takardar. Kashi 30 a shekara kashi 2.5 ne a wata. Nuwamba zuwa Yuni wata bakwai, kashi 17.5. Buhun dubu 60 sai ya kai 70,500 kafin a ce an mayar da ruwa kawai, ba a sa maganin ƙwari da ramewar buhu da kuɗin dako ba. Na ce, "Kawu, in ta wuce haka ka ci, in ba ta kai ba jarin Inna ne zai cike." Ya ce bara ta wuce nesa. Na ce haka ne, amma bara ɗin ce muka gama lissafawa, kuma da ita da komai 19.3 muka samu.

Inna ba ta ce uffan a kan alƙaluma ba. Ta tambaya ne kawai, "Yaya, dillalan nan da ke ba ka kaya bashi, in suka ji banki na bin ka miliyan 180, za su ci gaba?" Kawu ya gyara hula bai amsa ba. An tsaya a kan cewa ba za a kai takardar neman ƙarin ba sai na fitar da lissafin wata-wata, sannan a ga farashin masara bayan Sallah.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na fara fitar da na wata-wata, na gama Janairu zuwa Afrilu. A Maris na ci karo da miliyan 20 da ta shigo asusun kamfani daga asusun Kawu na kansa. Mai rubuta littafi ya sa ta cikin basussuka, a ƙarƙashin sunan Kawu, ba ruwa, ba ranar biya, ba takarda. Tana cikin kuɗin nan da na ce ba a biya musu ruwa, waɗanda na yaba wa dillalai da su.

In aro ce da gaske, lissafina yana nan yadda yake. In kuwa ƙarin jari ce aka yi mata sunan aro, jarin ƙarshen shekara 185 ne ba 165 ba, matsakaici 160, ninkin bashi ya sauko zuwa 1.88, ribar jari ta zama kashi 20.6, in an cire gingimari kuma 18.1, ƙasa da ta 2023. Sannan kason Inna ba zai ci gaba da zama ɗaya cikin uku ba, wanda ya fi duk waɗannan alƙaluman zafi.

Na buɗe shafi biyu a Excel, ɗaya na sa masa suna `aro`, ɗaya `jari`. Na kira Kawu sau biyu bai ɗauka ba, yaronsa ya ce yana Giwa wajen awo. Gobe da safe zan tare shi a masana'anta kafin a tayar da inji, in tambaye shi ko Inna ta san da miliyan 20 ɗin.